Wasiƙar ƙorafi ga mai gidan haya idan ruwa ya yanke: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina rubuta wa mutane wasiƙu a nan Maraɗi, kuma da zafin Afrilu ya kama, maganar ruwa ce ta fi kawo mini 'yan haya. Kusan dukansu kalma ɗaya suke zuwa da ita: "Malam, rubuta mini ƙorafi." Daga nan sai su yi shiru, suna jiran alƙalami ya kama aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan haya suke yawan yi mini, da waɗanda yara 'yan makaranta suke yi idan iyaye ko maƙwabta suka ɗora musu wannan rubutu.

An ce mini in rubuta ƙorafi, ba a ƙara komai ba. In kama rubutu kawai?

A'a, ajiye alƙalamin tukuna. Wanda ya ce maka "rubuta ƙorafi" ya kwana goma yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ransa a ɓace yake, kuma a ganinsa duk duniya ta san abin da ya same shi. Kai kuwa ba ka sani ba. In ka kama rubutu a haka, abin da zai fito shi ne takarda cike da "mun gaji" da "wannan ba adalci ba ne", babu rana, babu adadi, babu buƙata. Mai gida zai karanta, ya ce "Allah ya ba da haƙuri", ya ninke ya sa aljihu, kuma bai yi laifi ba, don takardar ba ta nemi ya yi komai ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne mai rubutu ya cike gurbin da abin da ya ga ya dace. Na taɓa ganin wasiƙar da wani yaro ya rubuta wa gwaggonsa, ya sa "wata guda ba mu da ruwa" don maganar ta yi nauyi, alhali kwana tara ne. Mai gidan bai tsaya kan maganar ruwa ba sam, kan ƙaryar ya tsaya, har zaman sulhun ya watse. Abin da ba a faɗa maka ba, tambaya ake yi, ba ƙirƙira ba.

To me zan tambaye shi?

Ni abubuwa biyar nake nema, kuma ba na rubuta ko harafi sai sun cika. Na farko, me ya lalace, kuma a ina? "Ba ruwa" ba amsa ba ce. Famfon tsakar gida ne ya bushe, ko tiyo ne ya fashe a ƙasa, ko an zo an yanke ne? Na biyu, tun yaushe? Mutane da yawa ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe lokaci: "bayan ƙaramar salla da kwana uku", "ranar da aka yi sunan maƙwabta". Daga nan sai mu ƙirga tare mu fito da ranar. Na uku, an gaya wa mai gida? Yaushe, ta wace hanya, gaban wa, kuma me ya ce?

Na huɗu shi ne asara: bido nawa ake saye kullum, nawa ne kowane. Na biyar kuwa shi ne wanda mutane suka fi yin turus a kansa: me kake so ya yi? Ya gyara? Ya ba ka izini ka gyara a cire daga kuɗin haya? Ya biya bashin kamfani? Sau da dama mai ƙorafi bai taɓa tunanin wannan ba sai da na tambaya, kuma amsarsa ita ce ƙashin bayan wasiƙar.

Akwai ƙaramar tambaya da nake sakawa a ƙarshe cikin lallami: kuɗin hayarka, akwai saura a kanka? In akwai, gara in sani yanzu, don shi ne abu na farko da mai gida zai ɗago.

Yaya zan gane ko matsalar ta mai gida ce, ko ta kamfanin ruwa, ko tamu ce?

Mitar ruwa, wadda mukan ce wa konter, ita ce iyaka. Abin da ke tsakanin babban bututun titi zuwa mitar, aikin kamfanin ruwa ne, wato NDE, wadda ta karɓi aikin daga SEEN a farkon 2024. Abin da ke bayan mitar zuwa cikin gida kuwa na masu gidan ne. Saboda haka kafin a rubuta komai, a leƙa gidan maƙwabta biyu ko uku. Idan su ma famfonsu a bushe yake, to layin unguwa ne, ko kuma an ɗauke wuta injinan tura ruwa sun tsaya. Wannan ba laifin mai gida ba ne, kuma rubuta masa ƙorafi a kai ɓata zumunci ne a banza. Haka in ruwa yana zuwa da tsakar dare ya ɗauke da hantsi a watannin zafi, ƙarfin ruwan ne ya yi ƙasa, ba wani abu ne ya fashe ba.

Idan maƙwabta na da ruwa ku ba ku da shi, sai a koma cikin gida, nan ma a raba biyu. Ƙananan abubuwan da amfanin yau da kullum ke cinyewa, kamar robar kan famfo da ta tsufa yana ɗiga, ko hannun famfo da yara suka karya, bisa al'ada da ƙa'idar haya ɗan haya ne ke gyara su. Bututun da ke binne a ƙasa ko cikin bango, ko tankin sama da ya tsage, ko injin rijiyar burtsatse da ya ƙone a gidan da aka ba da haya da alkawarin ruwanta, waɗannan jikin gida ne, na mai gida ne. Idan akwai takardar yarjejeniyar haya, a duba ta, don wasu masu gida sukan rubuta wa zai gyara me.

An ce bututu ya fashe a ƙasa, amma ba a ganin ruwan. Ta yaya zan tabbatar kafin in rubuta?

Wannan gwaji ba ya cin ko dala. A rufe duk famfunan gidan, har na bayan gida, sannan a buɗe makullin da ke jikin mitar. A fuskar mita akwai baƙaƙen lambobi, su ne ke ƙirga mita kubik, kowane ɗaya lita 1000 ke nan, wato bido 40 na lita 25. Jajayen lambobin da 'yan ƙananan allurai su ne ke ƙirga lita. Idan komai a rufe yake amma ƙaramar allurar tana juyawa, ruwa yana fita wani wuri bayan mitar. A ɗauki hoton lambobin da waya, a jira minti goma, a sake ɗauka.

A gidan wata tela da na rubuta wa a unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin minti goma mitar ta ci lita 20. A awa ɗaya lita 120 ke nan, a kwana guda lita 2880, fiye da bido 115 da ƙasa ke shanyewa kullum. Da muka bi layin bututun sai muka tarar da gindin katanga ya jiƙe ya yi baƙi, ƙasar wurin ta yi laushi har ciyawa ta tsiro a tsakiyar rani. Irin wannan bayani ne ke motsa mai gida, don ya nuna masa cewa katangarsa da aljihunsa ne ke cikin haɗari, ba jin daɗin ɗan haya kaɗai ba.

Idan kuma yanke ruwan aka yi saboda ba a biya faktir ba fa?

Sai a fara duba sunan wa ke kan faktir ɗin, da kuma wa ke karɓar kuɗin. A gidajen haya da yawa mita ɗaya ce da sunan mai gida, 'yan haya suna haɗa kuɗi kowane wata su ba shi ko dillalinsa. In haka ne, wasiƙar ta lissafa watannin da kuka biya, da nawa, da wanda ya karɓa, sannan ta nemi abu biyu: a biya bashin a maido da ruwa, kuma daga yanzu a riƙa nuna muku faktir da rasit ɗin biya. Kada a rubuta "kun cinye kuɗinmu". Ba ka san inda kuɗin ya tsaya ba. Wataƙila a hannun ɗan aike ne. Ka rubuta abin da ka bayar da wanda ka bai wa, lissafin da kansa zai yi magana.

In kuwa mitar da sunanka take, ko wani ɗan haya ne ya ƙi biyan rabonsa, ba mai gida ake yi wa ƙorafi ba, sai dai a nemi ya shiga tsakani.

Ko za a nuna mana yadda cikakkiyar wasiƙa take?

Ga wadda na rubuta wa telar da na ambata a amsar gwajin mita, na cire sunaye. Ita ma da "rubuta mini ƙorafi" ta fara, kuma sai da muka yi kusan rabin awa muna tambaya da amsa kafin wannan ta fito:

"Maraɗi, 15 ga Afrilu 2025. Zuwa ga Alhaji, mai gidan da nake haya a Ali Ɗan Sofo. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na rubuto ne game da ruwan gidan. Tun ranar Alhamis 3 ga Afrilu ba mu da ruwa, kwana 12 ke nan. Bututun da ke tsakanin mita da famfon tsakar gida ya fashe a ƙasa, kuma an rufe makullin mitar don kada faktir ya yi yawa. Da muka buɗe don gwaji, lita 20 ta zube cikin minti goma alhali duk famfo a rufe yake, kuma gindin katangar gabas ya jiƙe. Maƙwabtanmu suna da ruwa.

"Na kira ku ranar Juma'a 4 ga wata, kuka ce za ku turo mai gyara. Na sake gaya wa dillalinku ranar Laraba 9 ga wata. Har yau ba wanda ya zo. Kullum ina sayen bido 6 a kan sefa 50 kowane, jimilla sefa 3600 zuwa jiya. Kuɗin hayata na wannan wata na biya, rasit yana hannuna.

"Ina roƙon ku sa a gyara bututun kafin Talata 22 ga Afrilu. In hakan ba zai yiwu gare ku ba, mai gyaran famfo ya duba ya ce aikin da kayan jikka 18 ne. Ku ba ni izini a rubuce in biya, a cire daga kuɗin hayan wata mai zuwa, ni kuma in kawo muku rasit. Na gode, Allah ya ƙara girma. Taku 'yar haya."

A lura, duk abubuwa biyar na tambaya ta biyu suna ciki, kuma ba ta cika shafi ɗaya ba. Ta kuma buɗe wa Alhaji ƙofa biyu, don wanda aka ba zaɓi ya fi saurin amsawa fiye da wanda aka matse a lungu. Shi dai ta biyun ya zaɓa.

Ai wannan ta yi sanyi da yawa. Ba ƙorafi aka ce ba?

Haka telar ma ta ce da na karanta mata. Ta so in sa cewa Alhaji yana da rijiyar burtsatse a gidansa yana ban ruwan fulawa, su kuma 'ya'yanta na zuwa makaranta ba wanka. Gaskiya ce ta faɗa, kuma maganar ta taɓa ni, amma na roƙe ta mu bar ta. Dalilina shi ne wasiƙar ƙorafi masu karatu biyu gare ta: mai gida yau, da kuma mai unguwa ko alƙali gobe in abu ya ƙi. Duk jimlar da za ka ji kunya in an karanta ta da ƙarfi gaban dattawa, cire ta tun yanzu.

Ladabi ba rauni ba ne a nan. Ka kira shi da "ku", ka ce Alhaji ko Hajiya ko Baba yadda ka saba, ka yi gaisuwa layi ɗaya ko biyu. Ƙarfin takardar yana cikin ranaku da lambobi. Sai dai kada ladabin ya wuce gona da iri har buƙatar ta ɓace, irin su "in Allah ya hore muku, in kun samu sarari, ko da nan gaba ne". Wannan ya ba shi izinin ya manta da kai. Haka kuma kada a haɗa da maganar rufin da ke yoyo da ƙofar da ta karye. Kowace ta jira tata takardar.

Wa'adin kwana nawa ya kamata a ba shi?

Don gyaran bututu, mako guda ya isa a nemo mai gyara a sayo kaya. In ruwa na zuba yana cin katanga, kwana biyu ko uku. A rubuta ranar da sunanta da kwanan watanta, kada a ce "da wuri" ko "cikin gaggawa", don "da wuri" na mai gida ba shi ne na mai sayen garuwa ba.

Da Hausa za a rubuta ko da Faransanci?

Da harshen da mai gidan zai karanta da kansa. Da yawa daga cikin masu gidajen haya a Maraɗi 'yan kasuwa ne da ba su yi lakwal ba, kuma in ka kai musu takarda da Faransanci, sai sun nemi yaro ya fassara, shi kuma yaron zai sassauta ko ya zafafa yadda ya ga dama. Ban da haka, takardar Faransanci tana yi wa dattijo kama da sammaci, sai ya ɗauka ka riga ka kai shi ƙara. Wasu kuma ajami suka fi iyawa, in akwai mai rubuta shi da kyau, a yi da shi.

Tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma ya zama harshen aiki, amma har yanzu takardun kotu da Faransanci aka fi yin su. Shi ya sa idan na ga magana tana neman yin nisa, nakan yi kwafi biyu, Hausa da Faransanci, da ranaku da lambobi iri ɗaya sak.

Yaya ake miƙa ta? Saƙon murya a WhatsApp bai isa ba?

Saƙon murya yana da amfani don sanarwar farko, amma mai fushi yakan zarce ya faɗi abin da bai shirya ba, kuma waya tana ɓata ko ta lalace. A yi takarda kwafi biyu, a kai hannu da hannu tare da mutum ɗaya da ba ɗan gidanku ba, a roƙi mai gida ko wakilinsa ya sa hannu da kwanan wata a kan naku kwafin. In ya ƙi, kada a yi gardama. Rubuta a bayan kwafinka ranar da sa'ar da sunan wanda ya raka ka. Bayan nan sai a ɗauki hoton wasiƙar a tura masa ta waya tare da hotunan mita.

Idan dillali ne ke kula da gidan, shi ma a ba shi kwafi, amma a tabbatar ta kai ga mai gidan kansa. Na sha ganin inda mai gida bai ma san ruwa ya yanke ba, don saƙon ya maƙale a tsakani.

Zan iya riƙe kuɗin haya har sai ya gyara, ko in gyara in cire kuɗina?

Kada ka riƙe. Na san zuciya nan take karkata, amma ranar da ka ƙi biya, maganar ta tashi daga "gida ba ruwa" ta koma "ɗan haya ba ya biya", kuma wannan hujja ce da mai gida zai iya neman fitar da kai da ita. Nijar tana da dokar haya tun 1996, kuma dokar farar hula ta ɗora wa mai gida kula da gidan da manyan gyare-gyarensa, amma ba ta ba ɗan haya damar yanke wa kansa hukunci ba. Ko a wasiƙa kada a rubuta barazanar daina biya.

Gyara da cirewa kuwa hanya ce mai kyau, muddin izini ya riga aiki. A faɗi adadin kuɗin tun farko kamar yadda aka yi a wasiƙar misali, a samu amincewarsa a rubuce ko a saƙon da za a adana, a karɓi rasit na kaya da na aiki daban. Wanda ya gyara tukuna sannan ya kawo lissafi yakan ji an ce masa, "Wa ya sa ka?" Kuɗin garuwa kuma a rubuta shi don a nuna girman wahalar, amma ban cika ba da shawarar a dage kan a maido shi ba idan gyaran ya samu.

Mu huɗu ne a gidan. Kowa ya rubuta tasa?

Wasiƙa ɗaya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ta fi nauyi, kuma ba za a ware mutum guda a ce shi ne mai tada zaune tsaye ba. A karanta wa kowa da ƙarfi kafin ya sa hannu, kuma wanda bai so ba kada a saka sunansa.

Mai ƙorafin aiko ni ya yi, ba ya nan balle in tambaye shi. Ya zan yi?

Kira shi a waya, minti biyar sun isa ga tambayoyi biyar ɗin can. In bai samu ba, rubuta gangar jikin wasiƙar ka bar gurbi a fili inda rana da adadi da buƙata za su shiga, ka mayar masa ya cike. Kada ka sa hannu a madadinsa, kuma kada ta tafi wurin mai gida sai an karanta masa ita daga farko har ƙarshe ya ce haka ne.

Wa'adi ya cika, shiru. Sai me?

Wasiƙa ta biyu, gajeriya, layi biyar ko shida. Ta ambaci ranar ta farko, ta ce wa'adin ya wuce, ta sabunta lissafin kwanaki da kuɗin ruwa, sannan ta faɗi a fili cewa in ba a ji komai ba zuwa rana kaza za a kai maganar gaban mai unguwa. Wannan ba barazana ba ce, sanarwa ce, kuma abin da ka ce za ka yi to ka yi shi a ranar.

Wurin mai unguwa ka tafi da kwafin wasiƙun biyu, da rasit na haya, da hotunan mita, da mutumin da ya raka ka kai takarda. Yawancin irin wannan magana a nan take ƙarewa, don ba mai gidan da ke son a karanta "kun ce za ku turo mai gyara" gaban tsaransa. In ta ƙi ƙarewa, saura kotu, kuma a nan ne kwafin Faransanci da aka yi magana a kansa a sama zai yi aiki. Kafin a kai can, a nemi shawarar lauya ko a tambaya a ofishin magatakardan kotu yadda ake shigar da ƙara da abin da za a biya, a kuma ci gaba da biyan haya kowane wata ana karɓar rasit.